Rabi Da Sulusi Nawa Ke Nan? Yadda Ake Tara Kason Da Lambar Ƙasansu Ta Bambanta

Idan aka rubuta wa mai koyo 1/2 + 1/3 a kan allo, abin da hannunsa ke saurin yi shi ne ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya rubuta 2/5. Ba laifinsa ba ne, domin tun da ya fara lissafi abin da aka koya masa shi ne duk inda ya ga alamar tarawa ya haɗa lambobin da ke gabansa. Amma amsar ba daidai ba ce, kuma ana iya ganin haka da ido tun kafin a koyi wata ƙa'ida.

A ɗauki kiret ɗin ƙwai, mai cin ƙwai 30. Rabin kiret ƙwai 15 ne. Sulusin kiret, wato kashi ɗaya cikin uku, ƙwai 10 ne. Wanda ya sayi rabin kiret da safe, ya ƙara sulusin kiret da yamma, ƙwai 25 ya saya. To 2/5 na kiret fa? A raba 30 gida biyar, kowane gida ƙwai 6 ne, gida biyu kuwa ƙwai 12. Ka ga ke nan amsar 2/5 tana cewa mutum yana da ƙwai 15, aka ƙara masa 10, sai ya koma mai 12. Babu kasuwar da za a yarda da wannan lissafi. Ƙwai 25 cikin 30 shi ne 5/6 na kiret, ita ce amsar gaskiya, kuma sauran bayanin nan duka a kan yadda ake isa gare ta ne ba tare da an ƙirga ƙwai ba.

Kafin komai sai an san aikin kowace lamba daga cikin biyun. A 3/4, wanda muke karantawa uku bisa huɗu, lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abin daidai wa daida. Lambar sama kuma tana faɗin gida nawa aka ɗauka. A kawo gurasa guda, a yanka ta huɗu, babu yankan da ya fi wani, a miƙa maka uku: ka riƙe 3/4 na gurasar. Lambar sama ita ce ƙidaya, ita ake ƙirgawa kamar yadda ake ƙirga awaki. Lambar ƙasa kuwa suna ce, tana gaya maka irin yankan da kake ƙirgawa da girmansa. Hausa ma ta nuna haka, domin kason da aka fi amfani da su kowanne da sunansa: rabi, sulusi, rubu'i ko kwata, humusi, sudusi, sumuni, har zuwa ushuri. Idan ka ce kwata uku, uku ce ƙidayar, kwata kuwa sunan abin da aka ƙidaya.

Wannan ne dalilin da ya sa tara kason da lambar ƙasansu iri ɗaya ce ba ya da wuya. 1/5 + 2/5 humusi ɗaya ne da humusi biyu, humusi uku ke nan, 3/5. Ba a taɓa biyar ɗin da ke ƙasa, kamar yadda akuya ɗaya da akuya biyu suke zama awaki uku, sunan dabbar bai canza ba. Wanda ya tara ƙasan ya rubuta 3/10 ya canza girman yankan da hannunsa, ya mayar da kowane humusi rabin girmansa, alhali babu wanda ya sa wuƙa.

Akwai wani abu kuma da ke rikita masu farawa, gara a kawar da shi tun yanzu. Gwargwadon girman lambar ƙasa, gwargwadon ƙanƙantar yankan. Gurasar da mutum biyu suka raba, kowa ya sami babban yanka. Wadda mutum takwas suka raba, kowa ɗan kaɗan zai samu. Saboda haka 1/8 bai kai 1/2 ba, ko da yake takwas ta fi biyu. Rabi da sulusi ke nan yanka biyu ne masu girma daban-daban. In ka ɗora su a faranti ɗaya, gaskiya ne yanka biyu ne a gabanka, amma biyun me? Ba rabi biyu ba ne, ba kuma sulusi biyu ba ne. Ba su da suna ɗaya, don haka ba sa ƙirguwa tare. Matsalar ke nan gaba ɗayanta, maganinta kuwa shi ne a sake yanka su har kowane gutsure ya zama girmansu ɗaya.

Sake yanka ba ya rage komai, ba ya ƙara komai

Ɗauki rabin gurasa ka raba shi biyu. Yanzu yanka biyu ne a hannunka, kowanne kwata ne na cikakkiyar gurasar. Abin da ke hannunka bai ƙaru ba, bai ragu ba, sunansa ne kawai ya tashi daga 1/2 ya koma 2/4. Da uku ka raba rabin nan, da ka sami yanka uku, kuma da za a yi wa ɗaya rabin irin wannan yankan, gurasar za ta zama gida shida. Don haka 1/2 shi ne 3/6. Haka kuma shi ne 4/8, shi ne 5/10, shi ne 15/30 na kiret ɗin ƙwai. Abu ɗaya ne ke canza riga.

A takarda, sake yankan nan shi ne a ninka lambar sama da lambar ƙasa da lamba guda. Dalilin da ya sa dole su biyun a bayyane yake: idan ka raba kowane yanka gida uku, yawan yankan gurasar duka ya ninku sau uku, yawan wanda ke hannunka ma ya ninku sau uku. Ba zai yiwu ɗaya ya ninku ɗaya ya tsaya ba. Duk abin da aka yi wa ƙasa, a yi wa sama. Wanda ya riƙe wannan da dalilinsa ya gama fiye da rabin aikin.

Yanzu a koma kan 1/2 + 1/3, kuma ya kamata mai koyo ya yi wannan da takarda a hannu, ba da karatu kawai ba. Yagi falle guda daga littafin rubutu. Naɗe shi biyu a tsaye ka warware, za ka ga layi ya raba shi rabi da rabi. Sai ka naɗe shi uku a kwance, kamar yadda ake naɗe wasiƙa, ka sake warwarewa. Layukan sun gitta juna, takardar ta zama gida shida masu girma ɗaya. Duba rabin da ke hagu: gida uku ne a ciki. Duba sulusin da ke sama: gida biyu ne a ciki. Ga shi nan rabi ya zama 3/6, sulusi ya zama 2/6, kuma yanzu sunansu ɗaya, dukansu sudusi ne. Sudusi uku da sudusi biyu, sudusi biyar.

1/2 + 1/3 = 3/6 + 2/6 = 5/6

Shida ɗin nan ita ce lambar ƙasa ta tarayya. Abin da ya sa ta yi aiki shi ne biyu tana raba ta ba saura, uku ma tana raba ta ba saura. Da biyar ka gwada, rabin gida biyar biyu da rabi ne, ka ga an sake komawa cikin guntaye. Da huɗu ka gwada, za ta yi wa rabi daidai amma sulusi ba zai fita ba. Sharaɗin guda ɗaya ne: lambar da duk lambobin ƙasan za su shiga cikinta cif.

Yadda ake nemo lambar tarayya

Hanyar da ta fi dacewa da mai farawa ita ce ya jera ninkin lambobin ƙasan, kamar yadda ake rera su a aji. A ɗauki 1/4 + 1/6. Ninkin huɗu su ne 4, 8, 12, 16, 20, 24. Ninkin shida su ne 6, 12, 18, 24. Lambar farko da ta fito a jeri biyun ita ce 12, ita ce kuma wadda littattafan makaranta ke rubuta wa LCM, wato mafi ƙanƙantar lambar da dukansu ke shiga. Idan hannu ya saba, ba sai an rubuta jeri biyu ba. Ka kama babbar lambar kawai ka riƙa hawa da ita kana tambaya. Shida: huɗu tana shiga? A'a. Goma sha biyu: huɗu tana shiga? E, sau uku. An samu.

Daga nan sai a sauya wa kowane kaso riga, ɗaya bayan ɗaya, kada a yi gaggawa. Tambayar da za ka yi wa kanka kullum iri ɗaya ce: sau nawa zan ninka lambar ƙasan nan ta zama 12? Ga 1/4, huɗu sau uku ne 12, don haka sama ma a ninka da uku, ya zama 3/12. Ga 1/6, shida sau biyu ne 12, sama ma sau biyu, ya zama 2/12. Sai a tara na sama kaɗai, 3 da 2, a bar 12 a inda take. Amsa 5/12. Mai son tabbatarwa ya duba dozin: kwatan dozin uku ne, sudusin dozin biyu ne, biyar ke nan cikin goma sha biyu.

Akwai wata hanya ta biyu da ɗalibai da yawa suka fi so saboda ba ta buƙatar nema, ita ce a ninka lambobin ƙasan biyu da juna. Huɗu sau shida 24, kuma babu shakka huɗu da shida duk za su shiga 24. Da ita 1/4 zai zama 6/24, 1/6 ya zama 4/24, jimla 10/24. Wannan ba kuskure ba ne. A raba sama da ƙasa da biyu, 10/24 ya koma 5/12, amsar ɗazu. Hanyar ba ta taɓa ƙin aiki, kuma ga wanda ya rikice a tsakiyar jarrabawa mafaka ce mai kyau. Illarta ita ce lambobi suna kumbura ba dalili. Idan lambobin ƙasan 12 da 18 ne, ninka su da juna zai kai ka 216, alhali 36 ta wadatar. A ganina mai koyo ya fara sabawa da jera ninki, domin ita ce ke koya masa abin da yake nema, ya ajiye ninka juna don ranar buƙata.

Wani lokaci kuma neman ma ba ya tasowa. In ƙaramar lambar tana shiga babbar, to babbar ita ce lambar tarayya. A 1/4 + 3/8, huɗu tana shiga takwas sau biyu, saboda haka 3/8 zai zauna yadda yake, 1/4 kaɗai za a mayar 2/8, jimla 5/8. In kuwa lambobin biyu babu wata lambar da ke raba su duka ban da ɗaya, kamar uku da biyar, ko huɗu da bakwai, to jera ninki da ninka juna wuri ɗaya za su kai ka: 15 ga na farko, 28 ga na biyu.

Misalin da lambar sama ba ɗaya ba ce

Duk misalan da suka gabata kusan ɗaya ce a samansu, kuma hakan yana ɓoye wani rauni, domin ninka ɗaya da kowace lamba ba ya nuna ko mutum ya gane abin da yake yi. A gwada 3/4 + 5/6. A ce injin ban ruwa ya yi aikin 3/4 na awa a wata gona, ya yi 5/6 na awa a wata, ana son a san jimlar lokacin.

Tun kafin a taɓa alƙalami, a yi kirdado. 3/4 ya fi rabi, ya kusa ɗaya. 5/6 ma ya kusa ɗaya. Jimlarsu ke nan dole ta wuce ɗaya, amma ba za ta kai biyu ba. Riƙe wannan a zuciya, shi ne ma'aunin da za a gwada amsa da shi.

Lambobin ƙasa huɗu da shida ne, mun riga mun san 12 ce ke haɗa su. Ga 3/4, huɗu sau uku ne 12, sai a ninka ukun da ke sama da uku, ya ba da 9/12. Ma'anarsa a gurasa ita ce kowane kwata an raba shi uku, kwata uku kuwa sun haifi ƙananan yanka tara. Ga 5/6, shida sau biyu ne 12, biyar sau biyu goma, ya ba da 10/12.

3/4 + 5/6 = 9/12 + 10/12 = 19/12

A nan wasu sukan tsorata, su ga sama ta fi ƙasa su ɗauka sun ɓata. Ba su ɓata ba. Yanka 12 ne ke cika abu guda, kai kuwa kana da 19, wato ka cika guda ɗaya har da ragowar 7. Amsar ita ce 1 da 7/12, ta wuce ɗaya ba ta kai biyu ba, daidai da kirdadon farko. Agogo ma zai shaida. Awa minti 60 ce, 3/4 nata minti 45, 5/6 nata minti 50, jimla minti 95, awa ɗaya da minti 35. A fuskar agogo lambobi 12 ne, tsakanin kowace da ta gaba minti biyar, don haka 7/12 na awa bakwai sau biyar ne, minti 35. Lissafi biyun sun haɗu.

Inda ake yawan faɗawa

Wani kuskuren da ake yawan yi bayan tara ƙasa da ƙasa shi ne a canza lambar ƙasa a mance da ta sama. A 3/4 + 5/6, ɗalibi zai nemo 12 daidai, sai ya rubuta 3/12 + 5/12 ya sami 8/12. Abin da ya faru shi ne ya ƙanƙantar da yankan amma bai ƙara yawansu ba, kamar wanda aka yi wa canjin naira dubu uku zuwa 'yan ɗari biyar-biyar aka miƙo masa takarda uku maimakon shida. Alamar gane shi mai sauƙi ce: 8/12 bai kai ɗaya ba, bai ma kai 3/4 da aka fara da shi ba. Duk lokacin da jimla ta kasa ɗaya daga cikin abubuwan da aka tara, an yi ɓarna a hanya.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Mai koyo ya ji an ce abin da aka yi wa ƙasa a yi wa sama, sai ya yi da ƙari maimakon ninki. Yana son mayar da 1/2 mai shida a ƙasa, sai ya ce daga biyu zuwa shida an ƙara huɗu, bari in ƙara huɗu a sama, ya rubuta 5/6. Amma rabin shida uku ne, ba biyar ba. Sake yanka ninki ne, domin kowane yanka ne ake rabawa, ba wasu sababbin yanka ake kawowa daga waje ba. Shi ya sa tambayar take “sau nawa”, ba “saura nawa” ba.

Na uku yakan zo a ƙarshe, bayan an yi komai daidai. An kai 9/12 + 10/12, sai tsohuwar al'ada ta dawo, a tara 12 da 12 a rubuta 19/24. Duk wahalar nemo lambar tarayya an sha ta ne don yankan su sami suna ɗaya, kuma da zarar sun samu, sunan ba ya shiga tarawa. 19/24 bai kai ɗaya ba, kirdadon farko zai kama shi nan take.

Akwai kuma wanda ba na alƙalami ba ne, na tunani ne. Kaso ba ya taruwa da kaso sai in daga abu guda suka fito, ko daga abubuwa masu girma ɗaya. Rabin buhun shinkafa mai kilo 50 da sulusin ƙaramin buhu mai kilo 25 ba su zama 5/6 na kowane buhu ba. Sai an fara mayar da su ma'auni ɗaya tukuna. A takardar jarrabawa an riga an ɗauka cewa abin guda ne, amma a kasuwa da gona sai mutum ya tambaya: rabin me, sulusin me?

Bayan an sami amsa, a duba ko za ta ƙanƙance. 1/6 + 1/10 yana buƙatar 30, ya zama 5/30 + 3/30, jimla 8/30. Takwas da talatin duk biyu tana raba su, sai ya koma 4/15. Wannan sake yanka ne aka juya baya, ana haɗa ƙananan yanka biyu-biyu su zama manya. Ka lura cewa ko da mafi ƙanƙantar lambar tarayya aka yi amfani da ita, amsa tana iya buƙatar ragewa, don haka a riƙa dubawa kullum. 8/30 da 4/15 ƙimarsu ɗaya, sai dai malamai da yawa ba sa ba da cikakken maki in ba a rage ba.

Inda malaman gado suka daɗe da wannan lissafi

Wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya ga wannan aikin ana yin sa, ko da ba a kira shi da sunan boko ba. Kason da aka yanka wa magada a Suratun Nisa'i guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Lambobin ƙasansu ke nan 2, 4, 8, 3 da 6. Abin da malamin fara'ili ke fara yi shi ne fitar da asalin mas'ala, wato lambar da za a raba dukiyar gida-gida da ita yadda kason kowa zai fita ba guntu. Ita ce dai lambar tarayyar da muke ta nema.

A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da ɗa namiji guda, ba wani magaji kuma, an kuma gama da hidimar jana'iza da bashi da wasiyya. Matar tana da sumuni, 1/8, saboda akwai ɗa. Mahaifiyar tana da sudusi, 1/6, saboda wannan dalilin. Ɗan shi ke kwashe abin da ya rage. Don a san abin da ya rage, dole a tara 1/8 da 1/6. Kama babbar lambar ka hau da ita. Takwas: shida ba ta shiga. Goma sha shida: ba ta shiga. Ashirin da huɗu: ta shiga sau huɗu. Asalin mas'ala 24 ke nan. Takwas tana shiga 24 sau uku, don haka matar tana da 3/24. Shida tana shiga sau huɗu, mahaifiyar tana da 4/24. Jimla 7/24, ɗan kuma ya sami gida 17 da suka rage. In dukiyar naira 2,400,000 ce, kowane gida naira 100,000 ne: matar 300,000, mahaifiyar 400,000, ɗan 1,700,000.

Ka duba abin da kuskuren farko zai jawo a nan. Wanda ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, zai sami 2/14, wato 1/7, kuma 1/7 bai kai sudusin mahaifiyar ita kaɗai ba. Hukuncin wa ya gada da wa bai gada ba fannin malamai ne, ba a shigarsa da lissafi kawai. Abin da muke ɗauka daga nan shi ne dabarar: a fara samun ma'aunin da kowa zai shiga, sannan a ƙirga.

Wannan misalin yana kuma nuna cewa kaso uku ko huɗu ba su da wata sabuwar ƙa'ida. Lambar tarayyar ce kawai dole ta karɓi dukansu. 1/2 + 1/8 + 1/6 duk suna shiga 24: rabi gida 12, sumuni gida 3, sudusi gida 4, jimla 19/24. A nan ne ninka juna ke fara nauyi, domin biyu sau takwas sau shida 96 ne, ninki huɗu na abin da ake buƙata.

Saura lambar da ta zo da cikakke da guntu a haɗe, irin wadda tela ke fama da ita kullum. Riga ta ci yadi 2 da 1/2, wando ya ci yadi 1 da 3/4. A tara cikakkun daban, biyu da ɗaya uku. A tara guntayen daban: biyu tana shiga huɗu, don haka 1/2 ya zama 2/4, a haɗa da 3/4 a sami 5/4, wato yadi guda da kwata. Gudan nan da ya fito daga cikin guntaye shi ne ake yawan mancewa, sai a rubuta 3 da 1/4 a je kasuwa a sayo yadin da ba zai isa ba. A kai shi wurin ukun farko, jimla ta zama yadi 4 da 1/4. Tef ɗin awo zai tabbatar: yadi inci 36 ne, rigar ta ci inci 90, wandon inci 63, jimla 153. Yadi huɗu inci 144 ne, ragowar inci 9 kuwa kwatan yadi ce.